Tambayoyi da amsoshi kan karanta giraf a takardar bincike: layuka, ma'auni da zanen da ke ruɗar ido

Mutane da yawa idan suka buɗe takardar bincike, taƙaitaccen bayanin farko suke karantawa, sai su tsallake zuwa zane-zanen. Ban ga laifinsu ba, domin zane ya fi shafi goma na rubutu saurin shiga kai. Sai dai saurin nan shi ne hatsarinsa, domin kafin mutum ya karanta lamba ɗaya ido ya riga ya yanke hukunci. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai da masu karatu suka fi yi, kuma zan amsa yawancinsu da misali guda ɗaya, domin a ga yadda ake mayar da zane ya koma lambobi.

Ga misalin, wanda na tsara don bayani kawai. A ɗauka an gwada wani maganin hawan jini. Mutum 25 sun sha maganin, mutum 25 sun sha ƙwayar da babu magani a cikinta. Bayan shekara guda, matsakaicin awon jinin rukunin magani ya zama 142, na ɗaya rukunin kuma 148. A takardar an zana ginshiƙai biyu, ɗaya gajere ƙwarai, ɗaya dogo, kowanne da siririn layi mai kama da harafin T a kansa.

Daga ina zan fara idan na ga giraf?

Ka fara da rubutun da ke gefen zanen da wanda ke ƙasansa, ka bar tsakiyar sai daga baya. Layin tsaye, wanda ake kira y, me aka auna a kansa, kuma da wane awo? Layin kwance, wato x, me ya jera: lokaci ne, ko rukunin mutane, ko yawan magani? Daga nan ka karanta bayanin da ke ƙasan zanen kalma bayan kalma, domin a nan ake ajiye yawan waɗanda aka gwada da ma'anar alamomi.

Ni abin da nake yi shi ne in rubuta jimla ɗaya da hannuna kafin in yarda da komai: an auna kaza, a jikin su wane, da awo kaza, aka sami kaza a nan da kaza a can. A misalinmu jimlar za ta zama: an auna bugun jini na sama da awon mmHg, a mutum 25 da wasu 25, aka sami 142 da 148. Idan na kasa cike wani gurbi a jimlar, to gurbin nan shi ne tambayata ta farko ga takardar.

Ginshiƙi ɗaya ya ninka ɗaya sau huɗu a tsawo. Ashe ba babban bambanci ba ne?

Dubi lambar da ke gindin layin tsaye. A zanen namu, 140 ce. Ginshiƙin 142 ya tashi mataki 2 kacal daga gindi, na 148 ya tashi mataki 8. Shi ya sa ɗaya ya ninka ɗaya sau huɗu. Amma bugun jinin mutanen bai ninka sau huɗu ba. Bambancin 6 ne cikin 148, wato kusan kashi 4 cikin ɗari. Da an fara layin daga sifili, da sai ka zura ido kafin ka ga wanne ya fi tsawo.

Hausawa kan ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Gaskiya ne, sai dai ƙimar abin da aka nuna masa ya sani. Ginshiƙi da tsawonsa yake magana, kuma ido kan kwatanta tsawo da tsawo ba tare da ya nemi izinin mai shi ba. Idan aka datse ƙasan ginshiƙan aka nuna kawunansu kaɗai, ido zai auna kawunan ya ba da rahoto.

Edward Tufte ya kawo wani lissafi mai sauƙi a 1983 na auna irin wannan kambamawa: ka raba girman canjin da zane ya nuna da girman canjin da ke cikin lambobi. A zanenmu, daga mataki 8 zuwa 2 raguwar kashi 75 ce. A lambobi kuwa raguwar kashi 4 ce. Raba 75 da 4, ka sami fiye da 18. Zanen ya kambama abin fiye da sau 18. Zanen da ya faɗi gaskiya kan ba da amsa kusa da 1.

Kada a fahimce ni a baibai: raguwar 6 a bugun jini abu ne da likita zai iya ɗauka da muhimmanci. Hujjar muhimmancinta daga ilimin lafiya za ta fito, kuma aikin marubuci ne ya kawo ta a rubuce. Tsawon ginshiƙin da aka datse ba zai tsaya a madadin wannan hujja ba.

To kenan dole kowane giraf ya fara daga sifili?

A'a, kuma ina ganin masu wannan doka sun wuce gona da iri. Ginshiƙi ne ke bukatar sifili, saboda tsawonsa ne saƙonsa. Zanen layi da na ɗigo-ɗigo kuwa da matsayi suke magana, wato inda ɗigon ya faɗa a kan ma'auni. Ɗauki zafin jikin mara lafiya. Tsakanin digiri 37 da 40 akwai lafiya da zazzaɓi mai tsanani. Idan ka zana shi daga sifili, layin zai kwanta kamar babu abin da ke faruwa, alhali mutum na cikin hatsari. A nan farawa daga sifili ne zai ɓoye gaskiya.

Tambayar da ta fi amfani ita ce: faɗin da aka zaɓa ya dace da abin da ake aunawa? Ga bugun jini, daga 120 zuwa 170 da ɗigo biyu a ciki zai bar mai karatu ya ga bambancin da kuma girmansa a cikin iyakar da jinin mutane ke kaiwa da komowa. Daga 140 zuwa 152 kuwa an matse ne har ƙaramin abu ya cika shafi. Akwai kuma akasin haka, inda za a buɗe layin ya yi faɗi fiye da kima domin wata illa ta magani ta zama kamar ba ta tashi ba. Wannan ba a cika lura da shi ba, saboda zanen da ya kwanta lafiya ba ya jan hankalin kowa.

Yaya zan gane an datse layi?

Karanta lambar ƙasa, shi ke nan. Wasu marubutan kan saka 'yar alama mai kama da karkatattun layuka biyu ko zigzag a gindin layin don sanar da kai. Wannan ya fi shiru, amma bai gyara tsawon ginshiƙan ba. Ka kuma bi lambobin daga ƙasa zuwa sama, ko akwai inda aka yi tsalle a tsakiya, kamar daga 20 a koma 80.

Wancan layin mai kama da T da ke kan ginshiƙi, me yake nufi?

Wannan ita ce tambayar da na fi so mutane su riƙa yi, domin layin nan na iya nufin abu uku dabam-dabam, kuma siffarsa ɗaya ce a duk ukun. Bayanin ƙasan zane ne kaɗai zai gaya maka wanne ne. Za ka ga an rubuta SD, ko SE (wani lokaci SEM), ko 95% CI.

SD na nuna yadda mutanen suka warwatsu a kewayen matsakaici. A ce a misalinmu 15 ne. Ma'anarsa, idan awon ya bazu yadda aka saba, kusan kashi biyu cikin uku na masu shan maganin suna tsakanin 127 da 157. Ka ga ke nan da yawa daga cikin waɗanda suka sha maganin jininsu ya fi na waɗanda ba su sha ba hawa. Ginshiƙan biyu ba su gaya maka haka ba.

SE ba ya magana kan mutane ɗaya-ɗaya. Yana nuna yadda matsakaicin kansa zai iya motsawa da an sake gwajin da wasu mutane. Ana samun sa ta raba SD da tushen yawan mutanen:

```
SE = SD / √n = 15 / √25 = 3
```

Shi kuma 95% CI, faɗin da ake sa ran ainihin matsakaicin yana cikinsa, kusan ninki biyu ne na SE a kowane ɓangare, wato 6 sama da 6 ƙasa: daga 136 zuwa 148 ga rukunin magani, daga 142 zuwa 154 ga ɗayan.

Bayanai ɗaya ne, amma layin na iya zama mai tsawon 15, ko 6, ko 3. Ba abin mamaki ba ne da SE ya fi yawa a takardu, tunda shi ne mafi gajarta kuma ya fi sa sakamako ya yi kyan gani. Idan zane bai faɗi wanne aka yi amfani da shi ba, ni nakan ɗauka ban ga layin ba sam, sai na nemo amsar a sashen hanyar bincike.

Akwai wani ƙaramin abu a zanenmu. Rabin layin na sama kaɗai aka zana. Da an zana na ƙasa, ko da SE ne, na rukunin magani zai sauka zuwa 139, ya fita daga zanen da ya fara daga 140. Duk lokacin da ka ga rabi, ka ƙarasa ɗaya rabin a ranka.

Na ji an ce idan layukan ba su haɗu ba, bambancin tabbatacce ne. Haka ne?

Ya danganta da irin layin. Mu ƙarasa lissafin. Da SE, layin rukunin magani ya kai 145 a sama, na ɗayan ya sauko 145. Sun taɓa juna da ƙyar, kuma mai kallo zai ce ai sun rabu. Amma rashin tabbas na bambanci tsakanin rukuni biyu ya fi na kowane rukuni shi kaɗai. A nan kusan 4.2 ne. Idan ka ninka shi biyu ka ɗora a kan bambancin 6, za ka sami faɗi daga kusan 2.5 ƙasa da sifili zuwa 14.5. Tunda sifili na cikin wannan faɗin, gwajin bai kawar da yiwuwar cewa maganin bai yi komai ba. Bai kuma nuna cewa bai yi ba. Mutum 25 sun yi kaɗan a yanke hukunci.

Yanzu a ce mutum 100 ne a kowane rukuni, komai kuma yana nan yadda yake. SE ya koma 1.5, shi kuma 95% CI ya zama 3 sama da 3 ƙasa. Idan marubuci ya zana CI, layukan za su sake taɓa juna a 145, hoton ya fito daidai da na farko. Amma yanzu bambancin na tsakanin kusan 2 da 10, sifili ya fita, kuma hujjar ta yi ƙarfi. Hoto iri ɗaya, hukunci biyu, kuma abin da ya raba su 'yan haruffa ne a ƙasan zane.

Abin da za a riƙe: layukan SE da suka taɓa juna ba su isa hujja ba, sai an ga rata a tsakaninsu. Layukan 95% CI kuwa suna iya ɗan shiga juna kuma bambancin ya tabbata. Duk wannan ga rukunai biyu masu zaman kansu ne. Idan mutane ɗaya aka auna kafin magani da bayansa, layukan nan ba sa gaya maka komai kan bambancin, sai ka nemi canjin da aka samu a jikin kowane mutum.

Me ya sa wasu mujallu suke neman a nuna kowane ɗigo maimakon ginshiƙi?

Saboda matsakaici ɗaya na iya fitowa daga labarai da yawa. Matsakaicin 142 na iya nufin kowa ya ɗan sauka. Yana iya nufin mutum huɗu ko biyar sun sauka sosai, sauran ba su motsa ba. Ga likitan da zai rubuta magani, waɗannan biyun ba abu ɗaya ba ne, amma ginshiƙinsu ɗaya. A 2015 Tracey Weissgerber da abokan aikinta sun wallafa maƙala a mujallar PLOS Biology suna nuna yadda ginshiƙi ke rufe irin wannan a binciken da ke da ƙananan rukunai, suka ba da shawarar a riƙa nuna ɗigon kowane awo.

Tun 1973 Francis Anscombe ya nuna abin da ya yi kama da haka. Ya tsara jerin lambobi huɗu, kowanne da ɗigo 11, waɗanda matsakaicinsu ɗaya ne, dangantakar x da y a cikinsu kusan 0.82 ce, kuma miƙaƙƙen layin da ya fi dacewa da su ɗaya ne. Da aka zana su, ɗaya ya bi layin, ɗaya ya lanƙwasa, a sauran biyun kuwa ɗigo guda ne ya ja lissafin. Don haka idan ka ga miƙaƙƙen layi a takarda ba tare da ɗigon da aka gina shi a kansu ba, ka tambaya ina suke. Idan suna nan, ka rufe ɗigon da ya fi nisa da yatsa ka ga ko layin zai ci gaba da tsayawa.

Ka kuma tambayi me n, wato yawan waɗanda aka gwada, ke ƙirgawa. Awo 30 daga dabba uku ba daidai yake da dabba 30 ba.

Na ga layin tsaye yana tafiya 1, 10, 100, 1,000. Wannan ba yaudara ba ce?

Ba yaudara ba ce. Ma'aunin log ke nan, inda kowane mataki ninki ne maimakon ƙari. A ma'aunin da muka saba, tazara ɗaya na nufin an ƙara adadi ɗaya. A wannan, tazara ɗaya na nufin an ninka sau goma. Ana bukatarsa idan lambobi sun bazu daga 'yan kaɗan zuwa miliyoyi, kamar yawan ƙwayar cuta a jini, domin a ma'aunin da aka saba ƙananan duk za su manne a ƙasa.

Matsalar a wurin karatu take. Tsakiyar tazarar da ke tsakanin 10 da 100 ba 55 ba ce, kusan 32 ce. Lamba 20 tana kusan kashi 30 na hanyar, 50 kuma kusan kashi 70. Saukar mataki biyu, daga 100,000 zuwa 1,000, raguwar kashi 99 cikin ɗari ce, ko da a ido ta yi kama da ƙaramar gangara. Haka kuma layuka biyu da ke tafiya kusa da juna na iya zama ɗaya ya ninka ɗaya sau uku.

Mutane da yawa sun fara cin karo da wannan ma'auni a 2020, lokacin annobar korona. Abin da ke ninkuwa duk bayan kwana uku yakan fito a matsayin miƙaƙƙen layi mai hawa a hankali, alhali cikin kwana 30 ya ninka fiye da sau dubu. Ga masani, miƙewar layin ita ce gargaɗin. Ga wanda bai saba ba, sai ya ga kamar abin da sauƙi.

Abubuwa biyu nake dubawa. Na farko, babu sifili a ma'aunin log, don haka idan wasu awon sun ba da sifili, me aka yi da su? An jefar, ko an maye gurbinsu da wata ƙaramar lamba? Ya kamata takarda ta faɗa. Na biyu, ginshiƙi a kan wannan ma'auni ba shi da gindi na gaskiya. Idan an fara daga 1 tsawonsa dabam, idan daga 0.1 dabam.

Inda ake kwatanta hatsari da hatsari kuwa, log ne ya fi adalci. Rabin hatsari, wato 0.5, da ninkinsa, wato 2, nisansu ɗaya daga 1 a wannan ma'auni. A ma'aunin da aka saba, ninki zai yi kama da ya fi rabi girma sau biyu.

Layin kwance fa, shi ma ana wasa da shi?

Sosai, kuma ba a cika duba shi ba. A ce takardar tamu tana da zane na biyu da ke bin rukunin magani a kan lokaci: 152, 150, 148, 146, 144, 142. Layin ya sauko a miƙe, kamar maganin na aiki da ƙarfi ɗaya har ƙarshe. Sai ka karanta ƙasa: mako 0, 1, 2, 4, 12, 52, an jera su da tazara iri ɗaya. Saukar 2 ta farko cikin mako guda aka same ta. Ta ƙarshe ta ɗauki mako 40. Da an zana lokaci da tazararsa ta gaskiya, da ka ga faɗuwa da sauri a watan farko, sannan layin ya kusan kwantawa. Wannan labari ne dabam game da maganin.

Sai kuma inda aka fara da inda aka tsaya. Idan sashen hanyar bincike ya ce an bi mutane shekara biyu amma zanen ya tsaya a shekara ɗaya, ka tambaya me ya faru a ta biyun. A binciken da ya shafi shekaru masu yawa, fara zane daga shekarar da abu ya yi tashin da ba a saba ba zai sa duk abin da ya biyo baya ya zama kamar raguwa.

A zanen da ke bin marasa lafiya tsawon lokaci, irin na Kaplan-Meier mai sauka kamar matakala, ka duba jerin lambobin da ke ƙasa masu nuna mutum nawa suka rage a kowane lokaci. Can gefen dama, inda layukan kan buɗe su burge ido, wataƙila mutum shida ne suka rage, kuma abin da ya sami mutum ɗaya ya isa ya jawo babban mataki.

Zane mai layin tsaye biyu, ɗaya hagu ɗaya dama?

Ina ɗaukarsa da taka-tsantsan fiye da kowane. Marubuci ne ya zaɓi farko da ƙarshen kowane ɓangare, don haka yana iya sa layuka biyu su rungumi juna, ko su rabu, ko su gitta a duk inda ya so. Wurin da suka gitta ba shi da wata ma'ana. Ka karanta kowane layi shi kaɗai da lambobinsa, ka lissafa kashi nawa ya canza, sannan ka kwatanta.

Zane biyu a jere, A da B, sun yi kama. Zan iya kwatanta su kai tsaye?

Sai ka tabbatar ma'auninsu ɗaya ne. Sau da yawa A na tafiya daga 0 zuwa 10, B daga 0 zuwa 100, kuma tsawon ginshiƙansu ya zo ɗaya.

A nan ne kuma ya kamata ka lura ko layin tsaye na nuna ainihin adadi ko an mayar da shi kashi na wani abu. Idan rukunin kwatance an sa shi 100, na magani 50, ka san an rage rabi, amma ba ka san rabin me ba. Daga mutum 200 cikin 1,000 zuwa 100, an kuɓutar da mutum 100. Daga 2 cikin 1,000 zuwa 1, an kuɓutar da mutum guda. Zanen duka biyun ɗaya ne. Ainihin adadin yakan kasance a tebur, ko a ƙarin bayanan da ake liƙa wa takarda.

Da'irori da zane mai kauri irin na akwati fa?

Idan an ninka faɗin da'ira sau biyu don a nuna adadi ya ninka biyu, filinta ya ninka huɗu, kuma fili ido ke gani. Ginshiƙi mai kauri da inuwa kuwa ba ya ƙara bayani, sai dai ya sa ka rasa ko gabansa za ka karanta ko bayansa.

Duk wannan da gangan ake yi?

A ganina yawanci ba da gangan ba ne, kuma yana da kyau mai karatu ya san haka domin kada ya fara da zargi. Manhajojin zane kan zaɓi farko da ƙarshen layi da kansu. Excel, alal misali, idan lambobi suna kusa da juna kamar 142 da 148, yakan ɗaga gindin layin daga sifili ba tare da an umarce shi ba. A ggplot2 na R akwai hanyoyi biyu na taƙaita layin tsaye, kuma sakamakonsu ba ɗaya ba ne:

```r
ylim(120, 170)
coord_cartesian(ylim = c(120, 170))
```

Na farkon yana cire duk awon da ya faɗa wajen wannan iyaka kafin a yi lissafi, har matsakaicin da aka zana ya iya canzawa. Na biyun matso da kallo kawai yake yi, bayanan suna nan. Mai bincike na iya faɗawa wannan rami bai sani ba.

Sannan wanda ya shafe shekara uku a kan gwaji yana son sakamakonsa ya fito fili, kuma cikin zane biyu da ya gwada, zuciyarsa za ta karkata ga wanda ya fi nuna abin da yake fata. Masu tantance takardu su ma sukan fi mayar da hankali kan rubutu da tebur. Ko da niyya ko babu, tasirin a kan mai karatu ɗaya ne, shi ya sa nake ganin binciken niyya ɓata lokaci ne. Abin da za a iya tabbatarwa shi ne ko zanen ya yi daidai da lambobin.

Idan takardar ba ta ba da lambobin ba, sai zane kawai?

Za ka iya ciro su da kanka. Sa rula a kan layin tsaye, ka auna milimita nawa ke tsakanin lambobi biyu, sannan ka auna tsawon ginshiƙin. Idan daga 140 zuwa 152 milimita 60 ne, kowane mataki milimita 5 ke nan, kuma ginshiƙi mai milimita 10 yana kan 142. Akwai manhaja mai suna WebPlotDigitizer da ke yin wannan aiki daga hoto, kuma masu tattara sakamakon bincike da yawa suna amfani da ita. Idan ma'aunin log ne, sai ka gaya mata haka tun farko, in ba haka ba lambobin za su fito ba daidai ba.

Wace irin tambaya zan aika wa marubucin, ko in yi a zauren gabatar da bincike?

Wadda ke da amsa a lamba, kuma wadda ba ta ɗauke da tuhuma. Cewa "zanenku na yaudara ne" yakan rufe magana. Game da takardar misalinmu, ga abin da zan rubuta: "Na lura layin tsaye a zane na farko ya fara daga 140. Ko akwai dalilin zaɓen wannan? Layukan da ke kan ginshiƙan SE ne ko 95% CI? Nawa ne bambancin rukunan biyu tare da faɗin rashin tabbas nasa? Ko za a iya ganin awon mutum 25 ɗin ɗaya bayan ɗaya? A zane na biyu, yaya layin zai kasance idan aka jera makonnin da tazararsu ta gaskiya, kuma mutum nawa aka auna a mako na 52?"

Tambaya ta ƙarshen nan ita na fi matsa wa a samu amsarta. Idan daga cikin 25 mutum 17 ne suka kai ƙarshen shekara, kuma waɗanda suka daina zuwa su ne waɗanda maganin bai karɓe su ba, to 142 ɗin matsakaicin waɗanda suka ji daɗinsa ne kawai, kuma duk lissafin da muka yi a sama da n na 25 sai an sake shi.